Fatawa: Bidiyon godiyar ango da amarya a wajen walima

Tambaya: Wani ango daga Kano ya aiko da rubutun jawabin da za a ɗauke su a bidiyo shi da amaryarsa suna karantawa, a haska wa mahalarta walima. A ciki ya jero sunayen mutane da gudummawar kowa: kawunsa ya ba da sa, abokin kasuwancinsa ya biya kuɗin zauren biki. Yana tambaya ko hakan ya halatta.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ga wanda ya kyautata abin so ce a shari'a. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane. Batun hoto kuwa, abin da malaman Malikiyya suka haramta shi ne mutum-mutumin abu mai rai da ke da inuwa, kuma da yawa daga malaman zamani ba su sa bidiyo a wannan babi ba. Saboda haka ɗaukar ta halatta, sai a duba abin da za a faɗa da wanda za a nuna.

Gyaran farko yana cikin rubutun kansa. A zauren nan akwai gwaggon da ta kwana a bakin murhu tana tuƙa tuwo, da maƙwabcin da tabarma biyu kawai ya iya arawa. Idan allo ya ambaci sa da kuɗin zaure ya tsallake su, an kunyata su a bainar jama'a. Shi ma kawun an jefa shi cikin haɗarin riya, alhali aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da neman a gani suna ɓata ladan kyauta, kuma wataƙila bai so a faɗa ba. Ango ya goge adadi da nau'in kyauta gaba ɗaya. Ya fara da hamdala da salati, sannan iyayen ɓangarorin biyu, kamar yadda aya ta 14 a Suratu Luƙman ta sa godiyar iyaye bayan ta Allah. Daga nan waliyyai, dangi da baƙi a dunƙule, ya rufe da roƙa musu sakayyar alheri. Kawu kuma a taka har gida a gaishe shi.

Na biyu, amarya. Muryarta ba al'aura ba ce, tana iya godiya da bakinta ba tare da rangwaɗa ba. Amma idan akwai maza a zauren, sai ta rufe jikinta ban da fuska da tafukan hannu, kwalliyar daren biki kuma ta bar wa mijinta. Mai amsa yana jaddada wannan don wayoyin mahalarta kan ɗauki allon, kafin a watse ya shiga WhatsApp. Sai an nemi yardarta tukuna, a kuma sharɗanta wa mai ɗaukar hoto kada ya yi tallar sana'arsa da bidiyon.

Allah ne mafi sani.