Lissafin Mai Tsire

An yi wani mai tsire a Totsi, cikin birnin Lome, wanda ya ƙudurta kai ɗansa makarantar kwana a Sokode. Takardar makarantar ta ce jaka 300 a shekara, karatu da ci da kwana, a biya kashi uku. Kowane wata yakan iya ware jaka 40, wato 480 a shekara. Ya ga har da rara, ya sa hula zai je ya tura kuɗin kama gurbi.

Uwargida tana tsintar wake, ta ce, "Maigida, zauna mu ƙirga. Kowace ƙwaya jaka 10 ce."

Ya zauna yana murmushi. Ta ware ƙwaya 30 gefen faifai, ta ce wannan na takarda ne. Sai ta tambaye shi ko da rigar gida yaron zai shiga aji. Kayan makaranta kala biyu, da na wasanni, da takalmi, suka ci ƙwaya 3. Katifa, bokiti, akwati, gidan sauro da littattafai suka ci 6.

"Mota fa?" in ji ta.

Ya ce ai jaka 7 ce daga tashar Agbalepedogan. Ta ce zango uku ne a shekara, kowanne da zuwa da dawowa, tafiya shida ke nan, jaka 42. Kuma yaro ɗan shekara 12 ba ya yin kilomita fiye da 300 shi kaɗai ranar farko. In uban ya raka shi, ya kuma leƙa shi sau ɗaya, an ƙara 28. Ta tura ƙwaya 7. Kuɗin kashewa, na sabulu da gari da sukari, jaka 10 a wata har wata tara, ƙwaya 9. Ta ƙara 5 saboda zazzaɓi, da takalmin da zai ɓace, da ladan tura kuɗi ta Flooz.

Murmushi ya ɗauke. Ya ƙirga da kansa sau biyu, ƙwaya 60, jaka 600. Giɓin 120 ke nan. Kuma sama da 200 a watan Satumba kaɗai ake neman su, ga shi ya riga ya faɗa wa abokai a bakin masallaci cewa bana yaron zai tafi.

Ya daɗe yana juya hular a hannu, sannan ya rataye ta. Ya ce yaron ya ƙara shekara a makarantar unguwa, jaka 40 ɗin nan kuwa ta shiga adashi.

Abokai suka yi ta zolaya. Da shekara ta zagayo, yaron ya hau motar Sokode, uban na riƙe da jaka 480, abin da zai toshe giɓin shekara uku har jarrabawar BEPC, da ɗan saura saboda tashin kaya.

Kai mai riƙe da takardar makaranta, kafin ka tura kuɗin gurbi, tambayi nawa mota take.