IN BIYA BASHI TUN WA'ADI BAI YI BA, KO IN AJIYE KUƊIN?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, duk lokacin da aka kwashe albasa ko aka girbe shinkafar fadama, wannan tambaya takan yawaita gare ni, daga Yauri har Ngaski da Shanga: "Malam, ana bi na bashi amma lokacin biya bai yi ba, ga kuma 'yan kuɗi sun shigo. In sauke nauyin, ko in ajiye saboda halin rayuwa?" Amsata ita ce, kafin ka ƙirga kuɗin da ke hannunka, fara duba wane irin bashi ne a wuyanka.

Idan wa'adi ya riga ya cika, babu zancen zaɓi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi da sunan zalunci. Wanda ya ɓoye kuɗi a asusu alhali mai bashi yana ta sintiri a ƙofar gidansa, haƙƙin wani yake riƙewa, ko da ya sa masa suna tanadi. Sauƙin da aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da shi na wanda yake cikin ƙunci ne. Maganarmu a kan bashin da lokacinsa bai zo ba ne, shi kuma iri uku ne.

Na farko, bashi mai ruwa. Wannan riba ce, fita daga cikinta kuma wani ɓangare ne na tuba. Ko ta fuskar lissafi ma, a ce saura Naira 600,000 a kanka, ana ɗora kashi 5 cikin 100 duk wata. Naira 30,000 ke nan take fita daga aljihunka kowane wata ba tare da bashin ya ragu ba. Wace ajiya ce za ta haifa maka hakan ta hanyar halal? To ka ware abin da iyali za su ci da kuɗin magani, sauran ka kai, ka roƙi a yafe maka ruwan, kada kuma ka sake komawa.

Na biyu, rancen alheri, wanda ɗan'uwa ko maƙwabci ya ba ka don Allah. A mazhabarmu ta Malikiyya kana da haƙƙin riƙe shi har wa'adi, in kuma ka kawo da wuri ya karɓa. Amma ka tuna abu guda: a shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda ya ranta maka Naira 200,000, adadin nan dai za ka mayar masa, amma buhunan da za ta saya sun ragu. Duk watan da ka ƙara da kuɗinsa kwance a wurinka ba tare da buƙata ba, shi ne yake asara. Mutumin da ya rufa maka asiri bai cancanci haka ba. In ka samu, ka gaggauta.

Na uku, cinikin bashi, kamar murabaha a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, ko kayan da dila ya ba ka a kan biya kaɗan-kaɗan. Nan ne ake buƙatar natsuwa, don haka bari in kawo misali.

A ce wani mai jirgin ruwa yana fito da fasinja da kaya ranar kasuwar Warra. Ya sayi injin jirgi bashi a kan Naira 1,200,000, zai riƙa biyan 100,000 duk wata har shekara. Ya biya wata shida, saura 600,000. Sai ya sayar da albasarsa, ya samu rarar 500,000. Zuciyarsa tana ce masa ya kwashe duka ya kai, ya huta.

Ka ga, a irin wannan ciniki farashi ya riga ya tsaya tun ranar ƙulla shi. Ko ya biya yau ko bayan wata shida, 600,000 ce, sai in mai kaya ya yi masa rangwame. Idan ya kai 500,000 duka, ya koma gida babu ko sisi, sai injin ya lalace, ko yaro ya kwanta asibiti, ko ruwa ya cika ya ci gonar bakin kogi, ina zai nufa? Sau da yawa wurin mai ba da bashi da ruwa. Ya biya bashin halal da gaggawa ya faɗa na haram, an gudu ba a tsira ba.

Abin da nake ba irinsa shawara shi ne ya zauna ya ƙirga. In gidansa yana cin Naira 80,000 a wata, ya ware na wata uku, 240,000. Ya ƙara 60,000 na gyaran inji da mai, ya zama 300,000. Wannan ajiyar ba ta saɓa wa tawakkali, domin ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya kasance yana ajiye wa iyalansa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Sauran 200,000 ya kai wa mai inji, bashi ya dawo 400,000, a rubuta cewa ya biya wata biyu gaba.

Me ya sa ba zai riƙe duka ba, tunda biyan bai rage masa komai? Saboda dalili biyu. Kuɗin da ke kusa da hannu suna da ƙafa: yau biki, gobe sabon babur, jibi aboki ya zo rance. Sannan rai ba a hannunmu yake ba. Mu mutanen bakin ruwa ba mu manta hatsarin jirgin da ya auku kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Don haka ko abin da ka ajiye, ka rubuta wanda yake bin ka da adadin, ka sa shaidu kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta koyar, iyalinka kuma su san inda takardar take.

Saura batun rangwame, wato ka ce wa mai bashi "rage mini in biya ka yanzu". Malamai suna kiran wannan mas'ala da'a wa ta'ajjal. Malikiyya da mafi yawan malamai sun hana, har Ibn Abi Zaid ya ambaci hanin a Risala, domin suna ganin an sayar da lokaci da kuɗi. An ruwaito halascinsa daga Ibn Abbas (RA), kuma shi Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka zaɓa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi matuƙar ba a sharɗanta shi tun farkon ciniki ba, kuma tsakanin mai bashi da wanda ake bi ne kawai, babu na uku. Abin da ya fi kuɓutarwa a wurina: ka biya abin da ka yi niyya ba tare da gindaya sharaɗi ba, in ya rage maka don kansa, kyauta ce, ka karɓa. In kuwa ya yi rangwamen gaske, kana iya ƙara abin da za ka kai, amma kada ka taɓa kuɗin abinci da magani.

Ita kuma ajiyar, kada a zuba ta inda ake ba da ruwa, kada kuma a miƙa ta ga masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Ta zauna inda hannunka zai kai gare ta ranar da buƙata ta taso, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya wadata mu da halal, Ya sa mu cika babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Wallahu a'alam.