Maganar da ta ci ƙasa da wadda ba ta ci ba

Ƴan uwa ɗalibai, duk ranar da sakamakon BEPC ya fito, kalmomi iri ɗaya ne ke yawo a Dakoro: "Kada ka karaya." "Bayan wuya sai daɗi." "Ka yarda da kanka." Ba ƙarya ba ne. Amma ku dubi fuskar wanda ake gaya wa. Yakan ce "na gode", ya sunkuyar da kai, ya wuce da nauyinsa yadda ya zo da shi. Shin mai irin wannan magana taimako ya yi, ko kuwa kansa kawai ya sauke wa nauyi?

Ni dai ina ganin akwai ƙyuya a ciki, har da ɗan rashin adalci. Maganar da za a iya gaya wa kowa, ba a dubi kowa ba kafin a faɗe ta. Ita ce za a gaya wa wanda ya faɗi jarrabawa, da wanda garkensa ya mutu, da wanda aka hana aure. Ba ta da farashi, ba ta da lokaci, ba ta faɗin abin da za a yi gobe da safe.

To, mu gwada wata hanya. A ce abokinka ya faɗi, kai kuma ka ɗauko masa zancen shibka. Kowa a nan ya san ruwan farko yakan yi yaudara. Manomi bai yarda da ƙarar ruwa bisa kwano ba. Sai ya je gona ya tona da hannu, ya ga iyakar inda laima ta kai. In ya shibka, hatsi ya tsiro, sannan ruwa ya ɗauke, rana da iska mai rairayi su ƙone tsiron, sai ya sake shibka. Amma fa irin na biyu daga rumbu yake fitowa, daga abin da gida zai ci. Kuma damina ba ta jira: in lokaci ya ja, ba ya maimaita irin jiya, sai ya nemi hatsi mai saurin nuna, ko ya koma ga wake.

Ka ga abin da wannan hoton ya faɗa? Ya ce a sake gwadawa, i, amma ya ƙara abu uku da "kada ka karaya" ta ɓoye. Maimaita aji yana cin kuɗin iyaye, sai a zauna da su a yi lissafi. Akwai wa'adi, don shekaru na tafiya. Sannan wataƙila dabara ce za a canza, ko darasin da ya kada kai, ko ma hanyar baki ɗaya, a koma koyon sana'a. Wannan magana ta ci ƙasa, kamar ruwan shibka na gaske.

Kasuwa ma malama ce. Tiyar hatsi da kaka araha ce, da damina kuwa sai ta yi tsada, alhali tiyar ba ta canza ba, hatsin ma haka. Gaya wa mai takarda da ya rasa aiki wannan, ya fi ka ce masa "kai zinariya ne". Yana nuna masa cewa farashin da aka yi masa yau ba shi ne darajarsa ba. Amma yana kuma tuna masa cewa hatsin da aka ajiye ba kulawa, ƙwari ne ke cinye shi kafin tsada ta zo. Ilimi ma haka yake.

Wani zai ce: yo karin maganar kakanninmu fa, ba tsofaffi ba ne? Tsofaffi ne, amma wanda ya fara cewa "sannu ba ta hana zuwa" ya san tafiyar ƙasa, ya san yadda rairayi ke cinye ƙarfin mai gaggawa. Mu ne muka riƙe kalmomin muka yar da tafiyar. Tsufa ba laifi ba ne. Laifin shi ne faɗin abin da idonka bai gani ba.

Sai dai a yi hattara, hoto ma yana da iyaka. Mutum ba hatsi ba ne. Manomi ba shi da iko da hadari, ɗalibi kuwa yana da iko da awoyin karatunsa, don haka kada zancen ruwa ya zama mafakar malalaci. Kuma in dukanmu muka rungumi shibka a kowace takarda, baɗi ita ma ta zama tsumma.

Saboda haka kafin ka rubuta kalmar ƙarfafa gwiwa, tambayi kanka: na taɓa ganin wannan abu da idona? Ya faɗi abin da za a biya? Zai dace da kowa, ko da wannan mutum kaɗai? In ya dace da kowa, goge shi, ka fita ka sake dubawa.