Gaisuwar Sallah a zauren dangi: a kira suna, a yi addu'a

'Yan'uwa Musulmi, ana saukowa daga idi a Dutsin-Ma ko Kurfi, kafin a kai ga tuwon Sallah, wayoyi sun cika da hotunan rago da jinjirin wata. A zauren WhatsApp na dangi mai mutum ɗari ko fiye, sai ka ga hoto guda ya shigo sau goma daga hannu goma. A samansa ga rubutun "Forwarded", wani lokaci ma "Forwarded many times", alamar da manhajar ke sawa idan saƙo ya bi hannu biyar ko fiye kafin ya iso. Gwaggonka ta san ba don ita aka rubuta shi ba.

Mu tuna asalin wannan gaisuwa. Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa sahabban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan sun haɗu ranar idi sukan yi wa juna addu'ar Allah ya karɓi ibadarsu. Ashe barka da Sallah addu'a ce, addu'a kuwa tana buƙatar zuciya ta san wa take roƙa wa. Wanda ya danna tura wa zaure ashirin a minti guda, wa ya tuna a cikinsu?

To, yaya mutum zai gai da taro irin wannan kowa ya ji da shi ake? Tun daren jajibiri ka zauna ka bi gidan ɗaki-ɗaki, ka tambayi kanka me ya sami kowane reshe daga waccan Sallar zuwa wannan: wa ya rasu, wa ya haihu, wa ke kwance, wa ke Makka. Sannan ka fara da manya, kamar yadda za ka yi in ka shiga gidan da ƙafarka. Ga misali a Babbar Sallah:

"Assalamu alaikum. Baffa na Kurfi, ina gaisuwa, an yi Sallah lafiya? Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Gwaggo ta Birchi, wannan ce Sallar farko babu Malam, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri ke da yaran. Su Inna na Karofi, barkanmu da ƙaruwa, Allah ya raya. Yaya da ke aikin Hajji, ki sa mu a addu'a. Ƙannenmu na Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Isa Kaita, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Duk wanda ban ambata ba, yana raina. Wanda na ɓata wa, ya yafe mini. Allah ya karɓa mana, ya maimaita mana."

Ka faɗe shi da bakinka a saƙon murya, kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Iyayenmu da yawa ba sa karanta boko, jika ne ke riƙe musu waya, amma muryar ɗansu ba ta ɓace musu. Gajeren saƙo kuma ya fi saurin sauka a ƙauyen da sabis ke wahala.

Sai dai kiran suna yana da haɗarinsa, kuma a nan nake roƙonku ku ji tsoron Allah. A gidan da ke da mata biyu ko uku, in ka gai da 'ya'yan uwargida ka tsallake na amarya, ka hura wutar da hoton rago ba zai taɓa hurawa ba. Za ka gane haka idan ɓangare guda ya yi ta amin, ɗayan ya yi tsit. Maganinsa ka ɗauki babba guda daga kowane ɗaki, ka ce "da duk na wajenku". Kuma ba kowace addu'a ake yi a bainar jama'a ba. Wadda ta daɗe ba ta haihu ba, da wanda bashi ya danne, da wadda ta yi yaji, roƙa musu a zaure tonon asiri ne. Kira su a keɓe. Haka nan, da halin tsaron da yankinmu ke ciki, kada ka rubuta ranar da wane zai taso daga Abuja ko hanyar da zai biyo, domin ba ka san inda saƙon zai ƙare ba.

Akwai kuma wanda ya fice daga zauren saboda rigimar gado ko gona. Gaisuwarka ba za ta iske shi a can ba. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya nuna cewa mai sada zumunci na gaske shi ne wanda ke sadarwa idan an yanke masa, ba mai rama ziyara kawai ba. Nemo lambarsa ka kira shi kafin la'asar. In yana nan cikin gari, ko tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ka hau mota ka je da tsarabar naman layya, ka yi sallama a ƙofar gidansa.