Dillalan Madawa, ku daina sabunta wa bashi ranar haihuwa

Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin masu sayar da kaya a sari a Madawa, waɗanda ke ba masu shaguna na Urno da Buza da Kaita shinkafa da mai da sukari bashi. Idan shafin kaye ya cika, sai yaron magaza ya buɗe sabo, ya rubuta "ragowa" da jimilla guda, ya sa kwanan watan ranar. Bashin da aka ɗauka tun kafin azumi sai ya wayi gari ɗan kwana ɗaya. Wannan ba gyaran littafi ba ne, binne dukiya ne, kuma da hannun mai ita.

Jimilla kaɗai ba ta gaya wa mutum komai. A ce wani Alhaji yana bin mutum 80 sefa miliyan 6. Idan ka tambaye shi sai ya ce, "Kuɗina na waje, za su dawo." To, a zaunar da shi a raba kuɗin gida huɗu, ana ƙirga kwana daga ranar da kowane kaya ya bar magaza. Wanda bai wuce kwana 30 ba, miliyan 2 da rabi. Daga 31 zuwa 60, miliyan 1 da rabi. Daga 61 zuwa 90, jika 800. Wanda ya haura 90, miliyan 1 da jika 200. Gidan ƙarshen nan shi ne ciwon. Idan ribarsa a buhun shinkafa dala ɗari ce, wato sefa 500, sai ya sayar da buhu 2,400 kafin ya maye gurbin wannan kuɗi in ya salwanta. Kuma sau da yawa za ka tarar mutum biyar ko shida ne ke riƙe da yawancinsa, mutanen da ake ba kujera da shayi in sun zo.

Ga yadda suke samun wannan matsayi. Mai shago daga Urno yana da tsohon bashin jika 400. Duk mako yakan kawo jika 100 ya ce, "Alhaji, wannan na kayan makon jiya ne, tsohon a ɗan yi mini haƙuri." Sai ya loda sabon kaya na jika 120. Ido na ganin kuɗi na shigowa, zuciya ta kwanta. Bayan mako goma, jika 400 na nan ba a taɓa su ba, an kuma ɗora 200 a kai. Maganinsa kowane biya ya fara sauka a kan kaya mafi daɗewa, kuma a yanka wa kowa iyakar da bashinsa ba zai wuce ba. Dole a haɗa biyun, domin idan aka tsaya ga na farko kawai, bashin zai riƙa juyawa yana kama da sabo alhali yana ƙaruwa.

Kada a ce kunya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ba da shekara 2 kacal na neman kuɗin kayan da ɗan kasuwa ya sayar wa ɗan kasuwa, kuma kotu za ta nemi shaidar adadi da ranar biya. Kalmar "ragowa" da ba sa hannu, ba ranar ɗauka, me za ta shaida?

Bibiya kuwa tana da matakai. Wanda ya shiga gida na biyu a kira shi, a nemi rana da adadi, ba "in Allah Ya yarda, kwanan nan" ba. Na gida na uku a je shagonsa ranar kasuwar garinsu, a dubi kanta. Idan kayanka sun ƙare kuma kuɗin babu, an juya su wani wuri ke nan, ko tumaki, ko biki, ko biyan wani dillali. Wanda ya haura kwana 90 a tsayar masa da kaya sai hannu da hannu, ya sa hannu a takardar amincewa gaban shaidu biyu, a tsara masa biya kashi-kashi.

Tsarin na da iyakarsa a wannan ƙasa tamu. Mai shagon da abokan cinikinsa manoman albasa ne na kwarin Tarka, kuɗi ba ya shigo masa sosai sai an cire albasa wajen Maris da Afrilu. Wani kuma yana jiran saƙon 'yan cin rani. Irin waɗannan a rubuta musu ajali na musamman tun ranar ɗauka, a ware su shafi daban. Amma idan albasa ta fita, manyan motoci sun kwashe ta zuwa Gana da Kwaddibuwa, mako biyu ya wuce mutum bai leƙo ba, a mayar da sunansa gida na huɗu, a rufe masa kaya.