La'adar da aka ɓoye

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa shiga kara ya san dillali yana da la'adarsa. Shi ya sa in ya yabi sa, kai ma sai ka buɗe bakin san ka duba haƙori. Ba a cuce ka ba, don ka san da wa kake magana.

To, ga wani ɗan'uwa mai dubban mabiya a TikTok. Kamfanin sayar da filaye ya biya shi, sai ya fito yana cewa, “Wallahi na ga wurin, ku hanzarta.” Bai faɗi kuɗin da ya karɓa ba. In ka yi masa magana, ya ce ai bai yi ƙarya ba, filin yana nan.

Wataƙila. Amma mai gadin da ya tura ajiyarsa ta shekara uku ya ɗauka shawarar ɗan'uwa ce, shi ya sa bai nemi ganin takardu ba. A ganina wannan ya yi kama da najashi da Shari'a ta hana: mai tallata kaya cikin rigar mai saye.

Karɓar kuɗin talla ba laifi ba ne. Sai dai a faɗa da baki tun farkon bidiyo: “Wannan talla ce, an biya ni.”