Abin Lura: Kafin Ka Goge Asusunka na Gugul, Tuna da Tsofaffin Wayoyinka

Mai haya idan zai tashi, sai ya bi duk wanda ya taɓa ba wa makulli ya karɓo kafin ya yi sallama da mai gida. A harkar asusun Gugul kuwa, yawancinmu ba ma yin haka. Mutum ya gaji da tsohon adireshinsa na imel, sai ya goge shi, ya manta cewa asusun yana nan zaune a wayar da ya ba ƙaninsa, da wadda ya sayar a kasuwa, da kwamfutar shagon da ya taɓa cike fom.

Ana ɗauka cewa gogewar ta share komai. Abin da ke rumbun Gugul ne kawai take sharewa. Wasiƙu da lambobin mutane da hotunan da suka riga suka sauka a wata waya suna iya zama a cikinta. Mafi muni, jerin na'urorin da asusun yake ciki shi ma a asusun yake, to ranar da ka goge shi ka rasa hanyar sanin inda ka bar kanka a buɗe.

A ce wata malama ta sayi sabuwar waya, ta ba ɗanta tsohuwar Tecno ɗinta ba tare da ta cire asusunta ba, daga baya ta goge asusun. Wata rana yaron ya manta zanen buɗe wayar, ya kai wa mai gyara, shi kuma ya danna maɓallan gefe ya wanke ta. Da ta tashi sai ta tsaya cak a shafin Verify your account, tana neman tsohon zanen ko asusun da ke kanta a da. Wannan makulli, da masu gyara ke kira FRP, ya zo ne da Android 5.1 a 2015 don hana ɓarawo cin moriyar wayar sata. Sai dai bai san ɓarawo ba, bai san ɗan gida ba. Zanen an manta shi, asusun babu shi, waya ta zama kwangiri. Gugul yakan bar ƙofar dawo da asusu na ɗan lokaci bayan gogewa, amma ba alkawari ba ne.

Da malamar ta shiga Settings na wayar tun farko, ta nemi Accounts, ta taɓa adireshinta ta zaɓi Remove account, da makullin bai ɗanu ba. Sunan wurin yakan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Wannan ita ce hanyar duk wayar da hannunka zai iya kaiwa gare ta, ko da sai ka hau babur zuwa wata unguwa. Fitar da asusu daga nesa ba ya maye gurbinta.

Sauran na'urorin kuma, buɗe myaccount.google.com, ka shiga Security, ka gangara zuwa Your devices, ka taɓa Manage all devices. Za ka ga kowace na'ura da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe da garin da ake zaton tana ciki. Kada garin ya tsorata ka: kana Kano ana iya rubuta maka Legas, saboda hanyar da layinka yake bi. Ka fi lura da samfurin wayar da kwanan wata. Waya ɗaya ma takan fito sau biyu ko uku. Taɓa kowace ka zaɓi Sign out.

Idan akwai wadda ta ɓata ko aka sace, dakata da fitar da ita. Fara zuwa google.com/android/find ka ba da umarnin a wanke ta. Umarnin ba zai yi aiki ba sai wayar ta hau intanet, kuma ta asusun nan ne kaɗai yake isa gare ta. Wanda ya yi gaggawar gogewa ya bar wa ɓarawo hotunan iyalinsa.

Bayan haka sauya kalmar sirri, domin kwamfutar shago tana iya riƙe da tsohuwar. Amma idan kana da niyyar wanke wata waya, Gugul ya ce a jira awa 24 bayan sauyin. Kwashe kayanka ta takeout.google.com, ka sauya adireshin da ka ba banki da wurin aiki, domin Gugul ba ya sake ba kowa adireshin da aka goge, har kai mai shi.

Kada ka taɓa Delete your Google Account sai jerin nan ya nuna na'urar da ke hannunka ce kaɗai asusun yake buɗe a cikinta.